Ƙwaya, gudu ko kesh: yadda za ka zaɓi furosesar da gem ke so

A shekarar 2012 kamfanin AMD ya fito da furosesa mai suna FX-8350, an rubuta mata ƙwaya 8 da gudun gigahaz 4. A takarda ta yi wa Core i5-3570K ta Intel fintinkau, don ita wannan ƙwaya 4 gare ta, gudunta kuma gigahaz 3.4. Amma da aka sa su a gem, mai ƙwaya 4 ɗin ce ke gaba a yawancin wasanni. Bayan shekara goma sai ga Ryzen 7 5800X3D, wadda gudunta bai kai na yayarta 5800X ba, ƙwayoyinsu kuma ɗaya, amma ta wuce ta a gem. Sau biyu ke nan lambobin jikin kwali suna yaudarar mai saye.

Mu dai mun taso da jin cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A harkar gem maganar tana da iyaka. Yawan ƙwaya yana da amfani har zuwa inda ya wadatar, daga nan duk abin da ka ƙara kuɗi ne ka ajiye a cikin akwati suna shan wuta. Abin da ke ci gaba da biyan ka bayan an wuce nan shi ne ƙarfin kowace ƙwaya ita kaɗai, da kuma yadda bayanai ke isowa gare ta da wuri.

Kafin mu shiga, ga sunayen da zan riƙa amfani da su. Ƙwaya ita ce abin da za ka gani an rubuta `Cores`, wato ma'aikaci guda a cikin furosesa. Zare shi ne `Threads` ko `Logical processors`, layin aikin da ake miƙa wa ƙwaya, kuma ƙwayoyi da yawa kan riƙe zare biyu-biyu. Gudu shi ne adadin `GHz`. Kesh kuwa wata 'yar ma'ajiya ce mai matuƙar sauri da ke cikin furosesar kanta, za ka gan ta da sunan `L3 cache`.

Mataki na farko: tabbatar furosesar ce ma ke riƙe ka

Mutane da yawa sun sayi sabuwar furosesa, suka haɗa, suka kunna gem, suka tarar jiya i yau. Dalili shi ne tun farko ba ita ce matsalar ba. Kowane hoto da kake gani a allo aikin mutum biyu ne. Furosesa ce ke lissafa inda kowa yake, inda harsashi ya nufa, yadda ƙwallo za ta lanƙwasa, sannan ta miƙa wa katin hoto umarni ya zana. Wanda ya fi nawa a cikinsu shi ke yanke adadin hotunan da za ka samu a daƙiƙa. Idan katin ne ke baya, ko furosesar duniya ka kawo sai ta zauna jiran sa.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Ka sauke manhajar MSI Afterburner tare da RivaTuner Statistics Server, ka shiga saitinsa wajen `Monitoring`, ka zaɓi `GPU usage` da `Framerate` da `Frametime`, wato yawan aikin katin hoto, adadin hotuna a daƙiƙa da lokacin da kowane hoto ke ci, kowanne ka sa masa alamar `Show in On-Screen Display`. A cikin gem ɗin ka kashe `V-Sync` da duk wani ƙaidi da aka sa wa adadin hotuna, in ba haka ba gwajin ƙarya zai faɗa maka. Sai ka je wurin da wasan ya fi cunkoso, tsakiyar gari ko inda ake musayar wuta, ba fili fetal ba.

Idan `GPU usage` na zaune a 97 zuwa 99, katin yana aiki iya ƙarfinsa, shi ne iyakarka. Ka ajiye maganar furosesa, kuɗin su tafi kan kati. Idan kuma yana yawo tsakanin 60 da 80, to katin yana zaman jira ne, wani abu a bayansa bai ba shi aiki da wuri ba.

Don ka kore shakka, sauke girman hoton daga 1080p zuwa 720p, ka bar sauran saiti yadda suke. Rage girman hoto yana sauƙaƙa wa kati aiki ƙwarai, amma kusan ba ya rage wa furosesa komai, don adadin motoci da mutanen da za ta lissafa bai canza ba. In hotunan sun yi tsalle sama, kati ne ke riƙe ka. In sun tsaya inda suke, ka ga iyakar furosesarka ido da ido, kuma wannan adadin shi ne mafi yawan abin da za ta iya ba ka a wannan gem ko da wane kati ka haɗa ta.

Akwai tarkon da ke kama mutane a nan. Mutum zai buɗe Task Manager ya ga furosesa na aiki kashi 35 cikin ɗari, sai ya ce ai tana da sauran ƙarfi. Wannan adadin matsakaici ne na dukkan zaruruwa. A furosesa mai zare 16, in zare guda ya cika maƙil sauran na barci, abin da za a nuna maka bai wuce kashi 6 da ɗoriya ba. Ka danna `Ctrl+Shift+Esc`, ka shiga `Performance`, ka danna dama a kan zanen furosesar, ka zaɓi `Change graph to` sannan `Logical processors`, za ka ga kowane zare da akwatinsa. Ko a nan ma Windows kan riƙa jefa aikin daga wannan ƙwaya zuwa waccan, har ya zama babu wadda ta nuna ta cika. Shi ya sa na fi yarda da gwajin 720p.

Mataki na biyu: fahimci dalilin da ya sa gem ba ya cinye ƙwayoyi

Ka ɗauki shagon teloli ana saura kwana uku salla. In kaya kala ɗari aka kawo, ƙara teloli yana rage aiki kai tsaye, kowa ya ɗauki nasa ya hau keke. Haka aikin haɗa bidiyo yake, shi ya sa masu wannan sana'a ke son ƙwaya 16. Amma gem babbar riga ce guda ɗaya da ake jira a ƙofar shago. Sai an yanka kafin a haɗa, sai an haɗa kafin a kai wa mai aiki. Ana iya ba wani ya ɗinka wando, wani ya yi aljihu, amma akwai layin aiki guda da dole ya bi daki-daki a hannun mutum ɗaya. Ko teloli ashirin ka tara, rigar ba za ta fita ba sai shi ya gama.

A gem ma akwai babban zare da ke riƙe da tsarin wasan, yawanci da wani na biyu mai shirya wa katin hoto umarni. Sauran ayyuka, kamar sauti da buɗe fayiloli da motsin jama'ar gari, su ake rarraba wa sauran ƙwayoyi. Wani masani mai suna Gene Amdahl ya bayyana wannan iyaka tun 1967: ɓangaren da ba ya rabuwa shi ke yanke iyakar ribar da za ka samu daga ƙarin ma'aikata.

Bari mu yi lissafi da lambobin misali, don a ga siffar abin. A ce hoto guda yana cin milisakan 20 a ƙwaya ɗaya. Daga ciki 8 aikin babban zare ne da ba ya rabuwa, 12 kuma ana iya raba su. Da ƙwaya 2, sha biyun nan ta koma 6, jimilla 14, wato hoto 71 a daƙiƙa. Da ƙwaya 4 jimilla 11, hoto 91. Da ƙwaya 6 jimilla 10, hoto 100 cif. Da ƙwaya 8 hoto 105. Da ƙwaya 16, bayan ka ninka kuɗi, hoto 114. Daga 2 zuwa 6 ka samu ƙarin kusan 30. Daga 6 zuwa 16 ka samu 14 kacal.

Yanzu ka bar ƙwayoyin a 6, amma ka sa kowacce ta ƙara ƙarfi da kashi 20 cikin ɗari. Milisakan 10 ta koma 8.3, hoto 120. Mai ƙwaya 6 ta wuce mai 16, domin ƙarin ƙarfin ya taɓa har ɓangaren da ba ya rabuwa, wanda yawan ƙwaya ba ya iya taɓawa.

To nawa ne ya wadatar? PlayStation 5 da Xbox Series X, da suka fito a 2020, kowacce ƙwaya 8 gare ta, kuma manyan wasanni da su ake auna su tun daga tushe. Ƙwayoyin nasu na AMD ne, na zamanin da ake kira Zen 2, gudunsu bai kai gigahaz 4 ba, don haka ƙwaya 6 na zamani masu zare 12 suna ɗaukar wannan nauyin ba tare da haki ba. A ganina 6 ita ce daidai ga yawancin mutane, 8 ga mai son ya daɗe bai sake saye ba ko mai watsa wasansa kai tsaye. Sama da haka, sai in kwamfutar tana wata sana'ar ban da gem.

Ƙasa da 6 kuma akwai magana. Ƙwaya 4 mai zare 8 ta zamani, irin Core i3-12100F, har yanzu tana riƙe wasanni da yawa. Amma ƙwaya 4 mai zare 4, irin Core i5-6500 da i5-7500 da ke cike cikin kwamfutocin ofis na Beljiyam da ake sa wa kati a mai da su na gem, ta fara gazawa a sababbin wasanni. Alamar ƙarancin ƙwaya ba ta cika fitowa a matsakaicin adadin hotuna ba. Za ka ga an rubuta 70, amma wasan na tsinkewa, sauti na yankewa, ka juya kyamara sai ka ji an ɗan riƙe ka. Ka dubi layin `Frametime`: in yana kwance lafiya lau, in yana fitar da ƙayoyi sama, akwai hotunan da ke makara. Masu gwaji na kiran wannan ma'auni `1% low`, kuma ya fi matsakaici faɗin gaskiyar abin da hannunka zai ji.

Za ka iya gwada gem ɗinka da kanka ka ga ƙwaya nawa yake buƙata. Yana kunne, ka shiga `Details` a Task Manager, ka danna dama a kan sunansa, ka zaɓi `Set affinity`, ka cire alamar wasu zaruruwa. A furosesa mai zare biyu-biyu, `CPU 0` da `CPU 1` ƙwaya ɗaya ce, don haka bibbiyu za ka riƙa cirewa daga ƙarshe. In kana da 6 ka rage zuwa 4 ba ka ga canji ba, to ka san hawa zuwa 8 ba abin da zai tsinana maka a wannan wasan. Wasu wasannin intanet masu tsaron maguɗi ba sa yarda a taɓa su ta nan, sai ka gwada a wani.

Mataki na uku: kada ka kwatanta gigahaz sai tsakanin 'yan gida ɗaya

Gigahaz adadin bugu ne a daƙiƙa, bai faɗi yawan aikin da ake yi a kowane bugu ba. Mai taku biyar gajeru da mai taku huɗu dogaye, ba a san wanda zai riga isa ba sai an auna tsawon takun. Kowane sabon zamani na furosesa yana ƙara yawan aikin da ake gamawa a bugu guda. Shi ya sa FX-9590 ta 2013, da ke kaiwa gigahaz 5 tana zuƙar wat 220, ba ta ko kama ƙafar Ryzen 5 5600 mai gigahaz 4.4 da wat 65.

Ƙa'idar ke nan: gudu yana da ma'ana ne kawai tsakanin furosesoshi 'yan zamani ɗaya, 'yan kamfani ɗaya. Ko a nan ma ka yi lissafi kafin ka biya. Daga 4.4 zuwa 4.6 bambancin bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, kuma ba duka gem zai mayar maka da shi ba. In ana neman ƙarin kashi 20 na kuɗi a kan wannan, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ni kaina yawan ƙwaya ya taɓa rufe mini ido a kan wannan batu na zamani. Wani mai shago ya haɗa mini kwamfuta da Xeon E5-2680 v4, yana ta nanata mini cewa ƙwaya 14 ce, zare 28, kesh megabayit 35, ga araha. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, bai yi mini ƙarya ba. Na kai gida na buɗe Task Manager, akwatuna 28 suka cika allo, na ji kamar na sayi jirgi. Da na shiga gem sai akwati uku ko huɗu ke motsi, sauran sun miƙe ƙafa. Furosesar ta 2016 ce, an yi ta ne don manyan kwamfutocin kamfanoni masu ɗaukar ayyuka da yawa a lokaci guda, kuma gudunta ba ya wuce gigahaz 3.3. Wani abokina mai i3-12100F, ƙwaya 4 kacal, da kati irin nawa, ya riƙa samun hotuna fiye da ni a wasan harbi. Tana yin gem, ba na ce ba ta yi ba, amma ƙwayoyi goma daga ciki zaman kashe wando suke yi.

Sai a kula da lissafin ƙwayoyin Intel tun daga zamani na 12. Iri biyu suke haɗawa, manya masu ƙarfi da ake rubuta wa `P-cores`, da ƙanana masu tsimin wuta, `E-cores`. Core i9-14900K an ce ƙwaya 24 ce, amma manyan 8 ne, ƙananan 16. Core i5-13400F ƙwaya 10 ce, manya 6, ƙanana 4. Ƙananan suna da amfani wajen ɗauke ayyukan bayan fage, amma in gem kake aunawa, manyan za ka ƙirga.

Mataki na huɗu: dubi kesh, nan ne maganar take

Ƙwaya ba ta aiki sai da bayanai a hannu. In abin da take nema yana cikin kesh na kusa da ita, kusan nan take take samu. In yana `L3`, za ta jira kamar nanosakan 10. In babu shi a can, dole a aika ram, tafiyar da kan ci nanosakan 60 zuwa 80. A kunne wannan ba komai ba ne, amma ƙwaya mai gigahaz 5 tana bugu biyar a kowane nanosakan. Jiran nanosakan 70 bugu 350 ne. Furosesa na da dabarun yin wani aikin kafin saƙo ya dawo, sai dai dabarun na da iyaka, musamman in mataki na gaba ya dogara da abin da ake jira.

Mu koma wajen telan nan. Zaren da ke kan kekensa hannu kawai zai miƙa. Wanda ke cikin durowa sai ya tashi. Wanda babu a shagon kuwa sai an tura yaro kasuwa. Ka ƙara wa keken gudu yadda kake so, in rabin yini ana jiran yaro ya dawo, rigar ba ta fita da wuri. Abin da zai taimake shi shi ne babbar durowa.

Gem kuwa aiki ne mai yawan aike. Kowane hoto sai an duba dubban abubuwa da ke warwatse: wannan mota, wancan soja, bangon da harsashi zai daka. Ba a jere suke ba balle furosesa ta yi hasashen na gaba. Wannan ya sa gem ya fi yawancin ayyuka jin daɗin babban kesh.

Misalin da ya fi kowanne fito da wannan fili shi ne na 2022. Ryzen 7 5800X tana da ƙwaya 8, gudu har 4.7, kesh megabayit 32. AMD ta ɗauki wannan furosesar ta ɗora mata wani falle na kesh mai megabayit 64 a sama, ya zama 96, ta kira ta 5800X3D. Saboda fallen ba ya jure zafi da ƙarfin wuta sosai, sai aka rage gudun zuwa 4.5. Zamani ɗaya, ƙwayoyi ɗaya, gudu ya ragu, kesh ya ninka uku. A aikin haɗa bidiyo ta ɗan gaza yayarta. A gem kuwa ta wuce ta, har ta riƙa gogayya da Core i9-12900K da ta fi ta tsada. Haka aka maimaita a 2023 da 7800X3D, mai ƙwaya 8 da gudun 5.0, wadda a yawancin wasanni take gaban 7950X mai ƙwaya 16 da gudun 5.7.

Ribar ba ɗaya ba ce a kowane wasa. Wasannin kwaikwayon tuƙi irin Microsoft Flight Simulator, da na gina masana'antu irin Factorio, da na harbi masu taron jama'a a intanet, su suka fi amfana. Wasan da bayanansa suka riga suka shige cikin megabayit 32 ba zai ji wani bambanci ba. Wanda kuma abin da yake bugawa ƙwallo ce, irin su eFootball a allo mai hoto 60, bai da buƙatar wannan tsadar ko kaɗan.

Wajen karanta adadin kesh akwai wayo guda biyu. Na farko, manyan Ryzen masu ƙwaya 12 da 16 gida biyu ne a cikin kwali ɗaya. Ryzen 9 5900X an rubuta mata megabayit 64, amma 32 ne a wannan gida, 32 a wancan, ƙwaya shida-shida. Ƙwayar da ke gida ɗaya ba ta cin moriyar kesh ɗin ɗaya gidan kamar nata, kuma magana tsakanin gidajen tana da jinkiri. Don haka a idon gem, 5900X kusan mai ƙwaya 6 ce da kesh 32, da wata irinta a maƙwabta. Ita ma 7950X3D gida ɗaya ne kawai ke da ƙarin fallen, sai Windows ta gane gem ne ta tura shi can, abin da ke buƙatar direbobin AMD da Xbox Game Bar su kasance daidai. Mai 7800X3D ba ruwansa da wannan ciwon kai.

Na biyu, suna kan yi kama amma kesh ya bambanta. Ryzen 5 5600 megabayit 32 gare ta. Ryzen 5 5500 da 5600G kuwa 16 ne, duk da cewa dukkansu ƙwaya 6 ne, zamani ɗaya. In za ka sa katin hoto daban, 5600 ce taka. Kada harafin ƙarshe ya sa ka ɗauka 5600G ta fi.

Mataki na biyar: mu zaɓa wa mutum guda

A ce kana da Ryzen 5 3600 a kan madabod B450, ram gigabayit 16, da allo mai hoto 144 a daƙiƙa. Wasanninka na harbi ne a intanet. Allon nan yana son sabon hoto duk milisakan 6.9, kai kuma kana samun wajen 100, yana faɗowa in an cunkushe. Ka yi gwajin 720p, adadin bai motsa ba, kati yana kashi 70. An tabbatar furosesa ce.

Ga uku daga cikin furosesoshin da ke shiga ramin furosesa na madabod ɗinka, wato AM4, bayan ka sabunta `BIOS`, manhajar da ke cikin madabod ɗin kansa, kuma ka sabunta tun tsohuwar na ciki, don in ka cire ta kafin nan kwamfutar na iya ƙin tashi. Akwai 5600, ƙwaya 6, gudu 4.4, kesh 32. Akwai 5900X, ƙwaya 12, gudu 4.8. Akwai 5700X3D, ƙwaya 8, gudu 4.1 kacal, kesh 96.

Tambayar farko, ƙwayoyin sun wadatar? Duka ukun sun haye. Ta biyu, zamani? Duka Zen 3 ne, babu bambanci. Saura kesh da gudu. Ita 5900X ta fi 5600 gudu da kusan kashi 9 cikin ɗari, amma kesh ɗin da gem zai mora 32 ne a dukkansu, ƙarin ƙwayoyi shidan kuma a ce gwajinka na `Set affinity` ya riga ya nuna ba ka buƙatar su. Ta fita, sai fa in kana haɗa bidiyo. Tsakanin sauran biyun, 5700X3D ce mafi ƙarancin gudu a takarda, kuma ita ce za ta fi ba ka hotuna a irin wasanninka, musamman wajen cike ramukan nan na `1% low`. In ka same ta a farashi mai ma'ana, ita ce. In ta yi wuya ko ta yi tsada, 5600 ma ci gaba ne na gaske, ko da yake a takarda ita da 3600 duk ƙwaya 6 ne da kesh 32. Bambancin shi ne a 3600 an raba kesh ɗin gida biyu, 16 ga kowace ƙwaya uku, a 5600 kuwa duka shidan na ɗiba daga 32 guda.

Da a ce gwajin farko ya nuna kati na kashi 99, ko kuma allonka mai hoto 60 ne, da amsar ita ce kada ka sayi ko ɗaya.

Mataki na shida: kada ka kashe ribar da hannunka

Ram shi ne inda ake aike in kesh ya gaza, don haka saurinsa na cikin lissafi. Ka sa sanda biyu maimakon ɗaya, 8 da 8 sun fi 16 guda, domin hanya biyu ake buɗewa. A madabod mai rami huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa su. Sannan ka shiga `BIOS` ka kunna `XMP`, saitin da ke ba ram cikakken saurinsa, ko `EXPO` a sababbin AMD, wasu madabod kuma `DOCP` suke kiran sa. In ba ka kunna ba, ram ɗin da ka saya a matsayin 3200 zai iya zama yana tafiya a 2133 ko 2400. Ka duba `Speed` a ƙarƙashin `Memory` a Task Manager ka gani. Na sha ganin kwamfutar da aka yi niyyar canza wa furosesa, ashe wannan ne kawai ciwonta.

Sai zafi. Gudun da aka rubuta a kwali alkawari ne mai sharaɗi: furosesa na kaiwa can ne in tana da sanyi da isasshiyar wuta. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda watan Afrilu kan haura digiri 40, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska yana cinye wani ɓangare na wannan gudun tun kafin a fara wasa, ƙurar hunturu kuma ta toshe fanka. Ka ƙara zafin furosesa da gudunta cikin abubuwan da Afterburner ke nuna maka, ka yi wasa na rabin awa. In zafin ya kai wajen 90 zuwa 100 kuma gudun ya fara sauka, na'urar na kare kanta ne. Ka busa ƙurar, ka canza man da ke tsakanin furosesa da abin sanyayawa, kafin ka zargi ƙwayoyi. Samfurin X3D na 5000 da 7000 sun fi saurin ɗaukar zafi saboda fallen da ke kansu, iyakarsu wajen digiri 90 ce, don haka kada a haɗa su da ƙaramar fanka. A 9800X3D ta ƙarshen 2024 an mayar da fallen ƙarƙashin ƙwayoyin, abin da ya ba ta damar kaiwa 5.2.

Ga mai amfani da sola ko inbata, akwai ƙarin dalili na guje wa tarin ƙwayoyi da tsananin gudu. An yarda wa 14900K ta ja har wat 253 in aiki ya yi nauyi, ko da yake a gem ba ta kaiwa nan. Ita kuwa 7800X3D a gem yawanci ba ta kaiwa wat 100. A laftof ma haka zancen yake ta wata fuskar: furosesa mai harafin `U` a ƙarshe an ɗaure ta ne a kan wuta kaɗan don batir ya daɗe, mai `H` ko `HX` ita aka sakar wa mara. Ko sunansu duka Core i7 ne, ka dubi harafin kafin ka dubi adadin ƙwaya, kuma ka gwada laftof ɗin tana jone da caja, don a kan batir kusan duk suna rage gudu.